Ba Turing kaɗai ya fasa Enigma ba

Mutane da yawa sun ɗauka wai Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila, shi kaɗai ne ya fasa Enigma, injin ɓoye saƙon sojan Jamus, wallahi ba haka abin yake ba. Tun 1932 Marian Rejewski ɗan Poland ya gano yadda wayoyin cikin injin suke, a 1939 'yan Poland suka miƙa wa Ingila da Faransa sirrin, Turing a kan aikinsu ya ɗora. Kuma fa ba a fasawa sau ɗaya a huta, kullum Jamusawa sai sun canja saiti. A Fabrairun 1942 da suka ƙara faifai na huɗu a injin jiragen ƙarƙashin ruwa, Bletchley Park, cibiyar fasa saƙonnin sirri ta Ingila, ta makance wajen wata goma, ana ta nutsar da jiragen kaya a Atlantika, sai da aka ciro takardun sirri daga U-559, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, sannan aka koma karantawa.