Daga babi zuwa shafi ɗaya, daga shafi zuwa kalmomi goma

Malam, in fara taƙaita babin tun ina karatun farko?

A'a. Ajiye bik ɗin. Karanta babin daga farko har ƙarshe, ka rufe littafin, ka faɗa wa kanka da baki abin da ya ƙunsa. Wanda bai san inda babi ya dosa ba, kowane layi zai yi masa kama da muhimmi, sai ya kwafe rabin littafin cikin kaye ya ce ya taƙaita.

Tsarin babin shafi nawa zai ci?

Ɗaya. Babi mai shafi goma ko sha biyu, fuskar takarda guda ta ishe shi. In ka juya baya, kwafa kake yi.

Ba kanun da ke cikin littafin zan jera kawai ba?

Wannan tambaya ta ishe ni. Kanun littafi suna faɗin abin da za a yi magana a kai, ba sa faɗin abin da aka ce. A ce babin tarihin daular Damagaram ne, ka tarar da kan magana "Zamanin Tanimu". Ka kwafe shi haka nan, me ka sani? Ba komai. Mayar da shi jimla mai aiki a ciki: "Tanimu ya ƙarfafa daular da dukiyar fatauci da bindiga." Sai a ƙarƙashinta, ka ɗan matsa ciki, ka sa hujjoji biyu ko uku: fataucin hamada ta Agadas zuwa Tarabulus, ganuwar Birni, igwa da ake ƙerawa a nan gida.

Haka za ka bi babin duka, sai ka ga ya koma jimla huɗu. Daular ta kafu a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno, tana kai gaisuwa. Tanimu ya ƙarfafa ta har ya rasu a 1884. Faransawa sun ci ta a 1899, zamanin sarki Amadu Kuran Daga, shekara guda bayan kisan hafsansu Kyaftin Kazemaju. Zinder, babban birnin daular, ta zama hedikwatar mulkin mallaka a Nijar daga 1911 har 1926, sa'ad da aka mayar Yamai. Kowace jimla da ƴan hujjojinta a ƙasa. Shi ke nan tsarin.

Ni kam na ja layi da jan bik ƙarƙashin duk abin da ke da muhimmanci, bai isa ba?

Na ga irin waɗannan littattafai, ƴata, shafi duk ya yi ja. Hannu ne ya yi aiki, kai yana hutawa. Kuma in littafin na aro ne daga lakwal, kin ɓata wa na bayanki.

Babin cike yake da sunaye da shekaru. Ta yaya zan san kalmar da zan riƙe da wadda zan yar?

To, wannan ita ce tambaya, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai.

Abu na farko, kalmomin daga tsarinka za ka ciro su, ba daga littafin ba. Littafin ya gama aikinsa, rufe shi. Ka ɗauki kalma ɗaya ɗaya, ka rufe ta da yatsa, ka duba ko jimlar tana tsaye ba tare da ita ba. Rufe "Barno": jimlar farko ta rushe, don ba ka san wa ake kai wa gaisuwa ba. Ta zauna. Rufe sunan wani sarki da littafin ya ambata sau ɗaya cikin jerin waɗanda suka gabaci Tanimu: babu abin da ya motsa. Ya fita. Da wannan awo, babin namu zai bar maka wajen goma: Barno, gaisuwa, Tanimu, fataucin hamada, ganuwa, igwa, Kazemaju da 1898, Amadu Kuran Daga, Tirmini da 1899, sai hedikwata da 1911 zuwa 1926. Lura, ban bar shekara tsirara ba. 1899 ita kaɗai ba ta tuna maka komai, amma in ka manna ta da Tirmini, inda aka gwabza da sojan Faransa, ta tuna maka faɗuwar birnin.

Sai dai wannan awo yana da inda yake kuskure. Ya dogara ga tambayar da za a yi maka. In jarabawar ta ce ka bayyana dalilan ƙarfin Damagaram a ƙarni na 19, kalmomin sababi ne za su cece ka, wato fatauci, dukiya, bindiga, kuma Kazemaju bai da wurin zama. In kuwa malaminku mai son jerin sarakuna ne, sunan nan da na ce ka yar zai iya fitowa, ka zo kana hararata. Don haka duba kayenka na aji. Abin da malam ya rubuta a allo, ko ya maimaita har kuka gaji, a ba shi wuri ko da awon yatsa ya kore shi. Ƴan ajin ƙarshe su nemi tambayoyin jarabawar shekarun baya wajen yayyensu, su ga irin abin da ake nema.

Akwai kuma shekarun da littattafai suka saɓa a kansu. Kafuwar daular ma, wani littafi zai ce 1731, wani 1736. Kada ka ɓata dare kana sasanta su. Rubuta ta littafin ajinku, ka sa ƴar alama a gefe. Su 1899 da 1926 ba gardama a kansu, riƙe su da kyau.

Ban da haka, ba kowane darasi ke bin wannan hanya sak ba. A tarihi, kalmar tana buƙatar sababi da sakamako. A kimiyya kuwa ma'anarta ake so daidai yadda take, don haka can dole ka rubuta ƴar ma'ana a gaban kowace. Lissafi ma kada ka soma, ba a taƙaita shi da kalmomi, aiki ake yi. In duk da haka ka tashi da kalma sha biyar maimakon goma, kwantar da hankalinka, ba laifi. Talatin ce ba zan karɓa ba.

Da Hausa zan rubuta ko da Faransanci?

Kalmomin da harshen da za ka rubuta jarabawa, da rubutunsu daidai. Bayanin da kake yi wa kanka da baki, yi shi da Hausa in ya fi maka sauƙi.

Abokina ya riga ya yi nasa jerin, in ɗauka da waya?

Ɗauki mana, ka tara hotuna. Shi in ya ga "igwa" zai tuna sakin layi guda, domin shi ya matse shi da kansa. Kai kuwa igwa kawai za ka gani.

Yaya zan gane cewa jerina ya yi?

Bari kwana biyu su wuce. Kife littafin da tsarin, ka riƙe ƴar takardar kalmomin kaɗai, ka sake gina jimlolin nan huɗu da hujjojinsu a sabuwar takarda, ko ka zaunar da ƙanenka ka ba shi labarin. Ka saurari bakinka: in "saboda" da "shi ya sa" suna fitowa tsakanin kalmomin, ya yi. In kana kiran su ɗaya bayan ɗaya kamar kiran suna a aji, ka haddace jeri, babin ya tsere. Inda ka tsaya cik, a ce tsakanin fatauci da igwa, nan ne ka yar da abin da bai kamata ba. Koma tsarin, ba littafin ba, ka nemo shi ka ƙara. Sai in tsarin ma bai da shi ne za ka buɗe littafin, kuma wannan sakin layin kaɗai.