Wasiƙar neman sitetimen na wata shida daga banki don biza: tambayoyinku

"Malam, dole sai na rubuta wasiƙa? Ba zan iya zuwa in faɗa musu da baki ba?"

Rubuta. Wani reshen zai ba ka fom ka cike, wani zai ce sai da wasiƙa. Wanda ya taho daga Kumo ko Dukku ba zai so a mayar da shi gida saboda takarda ɗaya ba.

"Wa zan rubuta wa, kuma me zan sa a ciki?"

Manajan reshen, da Turanci, shafi ɗaya. Ka sa sunanka yadda yake a asusun, lambar asusu mai lamba 10, ranar farawa da ranar ƙarewa, da dalili: neman biza. Ka roƙi a buga hatimi a sa hannu a kowane shafi. Kada ka rubuta "wata shida" kawai ka bar wa ma'aikaci lissafi. Rubuta daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Yuni, ko duk kwanakin da suka dace da kai. Sannan sa hannunka ya zama irin wanda ka yi ranar buɗe asusun, don da shi za su gwada. Ka tafi da katin shaida.

"Na buga wanda suka turo min ta imel, bai isa ba?"

Idan ofishin jakadancin ya ce mai hatimi, bai isa ba. Karanta jerin takardun da suka nema kafin ka tambaye ni.

"Yayana zai turo min miliyan huɗu in saka kafin in karɓi sitetimen. Ko in jira?"

Nan ne nake so a natsu, don a nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Mai duba takardunka ba adadin da ke layin ƙarshe kaɗai yake kallo ba. Shi ya sa ma ake neman wata shida: yana so ya ga yadda kuɗi ke shiga da fita. Ɗauki malamin makaranta a Gombe mai albashin dubu 150, wanda zuwa tsakiyar wata asusunsa ya koma dubu 20. Haka ake tafiya wata biyar da rabi, sai ranar 18 ga Yuni miliyan huɗu ta faɗo, ranar 30 aka buga sitetimen. Duk wanda ya gani zai ce aro ne aka yi don a nuna, kuma sau da yawa gaskiyarsa.

Ban ce duk kuɗi mai yawa abin zargi ne ba. Ya danganta da inda ya fito da kuma shaidar da ke hannunka. Mai sayar da masara a Tudun Hatsi wanda miliyoyi ke ratsa asusunsa duk kaka, tarihin asusun da kansa yana ba shi kariya. Wanda ya sayar da fili ko mota, ya haɗa da takardar cinikin mai kwanan wata da adadin da suka yi daidai da abin da ya shiga. Idan kuwa yayanka ne da gaske zai ɗauki nauyin tafiyar, galibi ya fi kyau kuɗin ya zauna a wurinsa: shi ya karɓi nasa sitetimen, ya rubuta takardar ɗaukar nauyi, a haɗa da abin da ke nuna dangantakarku. Ko hakan ma sai ka duba, domin wasu nau'o'in biza ba sa karɓar kuɗin kowane ɗan'uwa.

Jira yana taimakawa a wasu lokuta, amma ba ya goge ranar da kuɗin ya shiga matuƙar tana cikin watanni shidan. Idan ya riga ya shiga, kada hankalinka ya tashi. Yi gajeren bayani na gaskiya a takardar da za ka haɗa da buƙatarka. Abin da ba zan yafe wa kowa ba shi ne zuwa wurin mai kwamfuta a gyara lambobi. Ana iya tuntuɓar banki a tabbatar, kuma takardar bogi a Birtaniya tana iya jawo haramcin shiga har na shekara 10.

"Kyauta ne?"

A'a. Ana cajin kowane shafi, kuma daga asusunka ake cirewa. Mai yawan tura kuɗi ta waya zai ga shafuka da yawa.

"Hajiya ce, sunan fasfonta na aure ne, na banki kuma na mahaifinta."

A gyara a banki tukuna, har da BVN, sannan a rubuta wasiƙar. Na sha faɗa: Muhammad a fasfo, Mohammed a asusu, shi ma a daidaita shi.

"Yaushe zan karɓa?"

Dab da ranar miƙa takardu, kamar saura mako guda. Wanda aka buga wata biyu da suka wuce ya tsufa. Kafin ka bar gaban kanta ka ƙirga shafukan, ka ga hatimi a kowanne, ka tabbata kwanakin farko da na ƙarshe su ne ka rubuta a wasiƙarka.