Kuɗin ruwan ajiya: yadda za ka gane ko banki ya lissafa daidai

Jagoran cajin bankuna da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wanda ya fara aiki a Janairun 2020, ya gindaya mafi ƙarancin kuɗin ruwan da banki zai biya a kan asusun ajiya na naira: kashi 30 cikin ɗari na MPR, wato ma'aunin ruwan da Babban Bankin ke tsayarwa. An taɓa rage shi zuwa kashi 10 a Satumban 2020, aka mayar da shi 30 a Agustan 2022. Akwai sharaɗi guda: wanda ya ciri kuɗi fiye da sau huɗu a wata ya rasa ruwan wannan watan. Ko wanda ba ya cin kuɗin ruwa saboda addini yana da buƙatar sanin adadin, don ya san abin da zai ware ya fitar daga dukiyarsa.

Kuskuren farko a kan adadin kansa ake yin sa. Kashi 30 ɗin nan na MPR ne, ba na kuɗinka ba. A Nuwamban 2024 MPR ya kai 27.5, saboda haka mafi ƙarancin ruwan ajiya ya zama 8.25 cikin ɗari, kuma na shekara ne cur. Tunda MPR na sauyawa, sai a duba wanda yake aiki a watan da ake bincike a kai.

A ce mutum ya ajiye naira 500,000, bai taɓa ko kwabo ba har kwana 30. Banki yakan lissafa da kwanaki ne:

```
500000 × 0.0825 × 30 ÷ 365 = 3,390.41
```

Idan an cire harajin kashi 10 daga ruwan, abin da zai rage bai wuce naira 3,051 da 'yan kwabbai ba. Watan da ke da kwana 31 zai ɗan ɗara, Fabrairu kuma ya gaza, wannan ba cuta ba ce. Amma duk lissafin da ya ba ka naira 41,250 a wata guda, to an ɗauki ruwan shekara an ɗora wa wata.

Sai maganar ko ruwan yana haihuwa. Lissafi mai sauƙi a kan uwar kuɗi kaɗai yake tsayawa, ruwan bana ba ya haifar da wani. A mai haihuwa kuwa, ruwan da aka zuba maka a Janairu ya shiga cikin uwar kuɗi, shi ma zai jawo nasa a Fabrairu. Asusun ajiyar da ake zuba wa ruwa duk wata a wannan na biyun yake. Ga su na shekara ɗaya, ba a cire haraji ba:

```
500000 × 0.0825 × 1 = 41,250
500000 × ((1 + 0.0825 ÷ 12)^12 − 1) ≈ 42,846
```

Tazarar kusan naira 1,600 ce, kuma ita ce ma'aunin bincike. A wata na farko dole su zo ɗaya, daga nan mai haihuwa ya riƙa wucewa a hankali. In wani ya kawo maka amsar mai haihuwa da ta gaza ta mai sauƙi, ko wadda ta ninka ta a shekara guda, ba sai ka ɗauko kalkuleta ba, akwai kuskure. Galibi an manta raba adadin shekara gida 12 ne, ko an raba adadin amma an bar lokacin a shekara maimakon watanni.

A bashi abin ya fi ciwo, domin masu ba da rance sun fi son faɗin adadin wata. Rancen naira 200,000 a kan kashi 5 duk wata na wata shida, in a kan uwar kuɗin farko ake lissafi har ƙarshe, ruwansa 60,000 ne. In kuwa a kan ragowar bashi ake yi bayan kowane biya, kusan 36,400 ne. Duka biyun "kashi 5" za a ce maka, alhali na farkon ya yi daidai da kusan kashi 8 a kan ragowa. Tambayar da za a yi kafin sa hannu ke nan: a kan me ake ɗora ruwan, kuma nawa ne jimillar abin da zan biya?

In lissafinka da na banki sun saɓa, nemi cikakken bayanin asusu, ka ƙirga sau nawa ka ciri kuɗi a watan, sannan ka rubuta ƙorafi ga bankin ka karɓi lambar shaida. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, sai Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki.