Kada a jefa samfurin tsoka cikin fomalin

Duk wanda ya taɓa fige kaza ya san naman cinya ya fi na ƙirji duhu. Tsokar mutum ma zare iri biyu gare ta, sai dai a cakuɗe suke cikin tsoka ɗaya. Nau'i na 1 mai nawa ne, amma ba ya saurin gajiya, shi ke riƙe mutum a tsaye. Nau'i na 2 kuwa na zabura ne, ga ƙarfi nan take, ga saurin sarewa.

Rinin yau da kullum na ɗakin gwaji ba ya raba su, duk launi ɗaya suke fitowa. Wanda ke raba su shi ne rinin ATPase, kuma da sinadarin da ke aiki cikin zaren yake dogara. Fomalin, ruwan da ake adana nama a ciki don gwaji, kashe wannan sinadari yake yi, don haka samfurin tsokar da aka yanko daga jikin mara lafiya, in ya shiga kwalbarsa, ya tashi daga aiki. A naɗe shi cikin bandeji mai ɗan danshin ruwan gishiri, ba sharkaf ba, a sa a kwalba, a ɗora kwalbar kan ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji da wuri.

A can za a daskarar da shi nan take cikin wani ruwan sinadari mai suna aisofenten da aka sanyaya da ruwan naitirojin, sanyin ya kai wajen digiri 150 ƙasa da sifili. In daskarewar ta yi jinkiri, ko an jiƙa naman da yawa, ƙanƙara ta fito cikin zaruruwan, sai a ga ramuka birjik a madubin likita. Sannan a yanka shi siriri, kaurin maikiron 10, a jera yanka uku masu bin juna, kowanne da nasa pH, wato ma'aunin tsamin ruwan da za a sa shi ciki.

A pH 9.4, nau'i na 2 ne ke yin duhu, na 1 ya yi haske. In an fara jiƙa yankan a pH 4.3 sai abin ya juye. A pH 4.6 kuma nau'i na 2 ke rabuwa: 2A fari, 2B tsaka-tsaki. Tazarar 4.3 da 4.6 kaɗan ce, shi ya sa na'urar auna pH da ba a daidaita ba ke ɓata aikin yini guda.

A lafiyayyar tsoka baƙi da fari a warwatse suke. In an ga zare iri ɗaya sun taru gungu-gungu, jijiyar laka ce ta mutu, ta kusa da ita ta karɓi zaruruwan ta mai da su irin nata. In kuma nau'i na 2 kaɗai ya tsuke, a tambayi mara lafiya ko ya daɗe a kwance, ko yana shan maganin deksametason, har da wanda ake sha don ƙiba. Irin wannan kan zo da kukan wahalar tashi daga tsugune.