Sarin masara: ragin da aka yi maka da kuɗin da buhu ya tsaya maka a shago

"Buhu ya fi araha a Saminaka da naira dubu biyar a kan Dawanau. In ɗauki mota in tafi?"

Dakata ka ɗauki biro tukuna. Mu ɗauka buhu 100 kake so, shagonka yana Kano, kuma an sallama maka buhu a kan 38,000 a Saminaka, a Dawanau kuwa 43,000. Alkaluman misali ne, kai ka sa na ranar kasuwarka.

A Saminaka, kowane buhu zai ci la'adar dillali 500, sabon buhu da ɗinki 600, 'yan dako masu lodi 300, harajin kasuwa 200, kuɗin mota 2,500, saukewa 300. Kai ma ka ci abinci, ka kwana, ka shiga mota. In ka kashe 40,000, kowane buhu ya ɗauki 400. Ya tashi 42,800. Na Dawanau, da dako da kuɗin kawowa 1,000, ya tashi 44,000. Ka ga dubu biyar ta koma 1,200.

Saura awo. Idan masarar Saminaka sabuwa ce, ta ƙarasa bushewa a wurinka, aka sheƙe ƙaiƙayi, aka tsince tsakuwa, buhu mai tiya 40 yana iya dawowa 38. Raba 42,800 gida 38, tiya ta tsaya maka 1,126. Busasshiyar Dawanau da ta cika 40, tiya 1,100 ce. Wadda ka ɗauka mai tsada ita ce mai arahar. Da tiyar da za ka iya sayarwa ake raba kuɗi, ba da yawan buhunan da aka loda ba.

"Danshi kaɗai zai ci min haka?"

Zai ci. Masarar da za ta ajiyu lafiya, ruwan cikinta kada ya wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari. In ka saya tana da kashi 18, kafin ta sauko 13 kilo 100 ya zama kilo 94 da ɗan ɗori. Kusan kilo shida ka biya kuɗin ruwa, ka kuma biya masa kuɗin mota. In ka jibge ta a haka kuwa, ta yi zafi ta yi fumfuna, masu abincin kaji su ƙi ta.

Ka ciji ƙwaya: busasshiya tana fashewa ƙaras, mai danshi haƙori ne yake nutsewa. Ko ka zuba ƙwayoyi a busasshiyar kwalba da gishiri, ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauranta. Kuma kada ka tsaya a bakin buhu, can ake ɗora mai kyau. A soka tsakiya da gindi, ka zaɓi buhu biyar da hannunka a juye su a ƙasa a auna a gabanka.

"Yaya zan nemi ragi tunda da yawa zan saya?"

Kada ka buɗe baki da buhu 100. Taya goma, a sallama, sannan ka ce: "To Alhaji, in na kwashe ɗari, kuɗi hannu, nawa za ka sauko?" Ta haka ragin yake fitowa fili. Dillali ma zai taya ka magana, domin la'adarsa a kan buhu take.

Amma ni a ganina an fi asara a wurin awo fiye da wurin farashi. Ragin 500 a buhu 100 naira 50,000 ne. Tiya ɗaya da ta yi ƙafa a kowane buhu, wajen 100,000 ce. Saboda haka kafin a ce "Allah ya sa albarka", a yanke magana: a sikeli za a ɗora ko da tiya, kuma tiyar wa? Farashin na ƙasa ne ko na kan mota? Wa zai biya buhu da ɗinki? Mai kayan da ya ƙi sauke ko sisi don kada maƙwabtansa su ce ya karya kasuwa, sau da yawa yakan yarda ya ɗauki lodi da buhu.

"Shatar mota zan yi ko in haɗa kaya da wasu?"

Tirela tana ɗaukar tan 30, wato buhu 300 masu kilo ɗari. In ka yi shata da buhu 200 kacal, kuɗin da zai faɗa kan kowane buhu ya ƙaru da rabi. Gara ka haɗa, ka sa wa buhunanka alama da fenti, a ƙirga a gaban direba a rubuta. Ka nemi motar da ta sauke kaya za ta koma fayau, takan yi sauƙi. Ka duba tampol da kanka, ka leƙa ƙasan motar ko akwai ƙusa ko ragowar taki, kuma a faɗa tun a tasha wa zai biya kuɗin shingayen hanya, da wanda zai ɗauki buhun da ya fashe.