An ce hauhawar farashi ta ragu, amma cefane bai sauka ba: yadda za a bayyana shafukan majigi da kuɗin kasuwa

Tambaya: Baba, an ba ni shafukan majigi kan hauhawar farashi in yi wa matan adashinmu bayani a nan Marwa. Zanen ya nuna layi yana gangarowa, amma ni kaina na san cefane bai sauka ba. Me zan ce musu?

'Yata, kada ki fara kunna majigin. Ki fara da takardar jaka goma a hannunki, ki ɗaga ta kowa ya gani. Layin nan da kike kallo saurin hawan farashi yake aunawa. Idan ya gangaro, ma'anarsa kaya suna ci gaba da tsada, sai dai tafiyar ta rage sauri, kamar mai babur da ya sassauta gudu amma bai juya baya ba.

Hukumar ƙididdiga ta Kamaru, wato INS, ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 6.3 cikin ɗari a 2022, ta hau 7.4 a 2023, sannan ta sauko 4.5 a 2024. A kan bango wannan zai fito kamar tudu da gangara. Yanzu ki mayar musu da shi kuɗi. Cefanen da aka yi da sefa 10,000 a 2021 ya zama 10,630 a 2022. Kashi 7.4 na shekara ta gaba a kan wannan sabon kuɗin yake hawa, sai ya kai wajen 11,420. A shekarar da aka ce abu ya yi sauƙi kuma, ya ƙara hawa zuwa kusan 11,930. Wato cikin shekara uku an ɗora kusan jaka biyu a kan kowace jaka goma, kuma ba a cire ko dala ba. Ki rubuta waɗannan lambobi huɗu a jere a kan allo, manya-manya. Matar da ta ce miki ita ba ta ga sauƙi ba gaskiya ta faɗa, ki gaya mata haka a gaban kowa. Farashi ba ya komawa baya sai layin ya nutse ƙarƙashin sifili.

Tambaya: Wasu za su ce abin da ya ƙaru a gidansu ya fi kashi 4 ko 7 nesa ba kusa ba. Ƙarya aka rubuta ke nan?

Ba ƙarya ba ce, kwandon ne ba nasu ba. Masu ƙididdiga suna bin farashin kaya masu yawa a manyan garuruwa, har da Marwa da Garwa da Ngaundere, su ba kowane kaya nauyi gwargwadon abin da matsakaicin gida yake kashewa a kansa. To, wa ya taɓa cin tuwo a matsakaicin gida?

Ga misalin da za ki iya yi da su, lambobin na koyarwa ne kawai. Gida biyu, kowanne yana kashe sefa 100,000 a wata. Na farko mai yara bakwai ne: 60,000 na tafiya a dawa, mai, busasshen kifi da kayan miya, 10,000 kuɗin babur, sauran 30,000 haya da sabulu da magani. Na biyu ma'aikaci ne mai yara biyu: abinci 30,000, babur 10,000, sauran 60,000 haya da makaranta da wuta. A ce abinci ya hau kashi 10, babur kashi 15, sauran ba su motsa ba. Gidan farko ya ƙara 6,000 da 1,500, wato 7,500. Na biyu ya ƙara 3,000 da 1,500, wato 4,500. Kasuwa ɗaya suke shiga, amma ɗaya hauhawarsa kashi 7.5 ce, ɗayan 4.5.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a irin waɗannan taruka. Talaka mafi yawan kuɗinsa a tukunya yake ƙarewa, don haka tsadar abinci ta fi dukansa, sai kuma a nuna masa lamba ƙarama a bango ya koma gida yana zaton shi ne bai iya tattali ba. Ki ba kowace mace tsakuwa goma ta raba su kashi-kashi yadda kuɗin watanta yake tafiya. Wadda ta tara shida a wajen abinci za ta gane matsayinta ba sai kin yi dogon bayani ba.

Tambaya: Dawa takan yi tsada da damina ta sauko bayan girbi. Wannan ma hauhawar farashi ce?

A'a, wannan zagayen shekara ne. A watan Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, hanyoyi sun lalace, tasar dawa ta hau. Da kaka ta sauko, idan masakwa ta shigo wajen Fabrairu ta ƙara sassauci. Shi ya sa ake gwada Agustan bana da Agustan bara. Ki duba ƙasan zanenki. Idan an rubuta glissement annuel, wata ne aka gwada da takwaransa na bara. Idan moyenne annuelle ne, matsakaicin wata goma sha biyu aka ɗauka, kuma shi yakan makara wajen nuna canji. Kada ki ɗauki lamba daga wannan ki gwada da ta wancan.

Tambaya: Idan suka tambaye ni dalilin tudun 2023 fa?

Ki kai su gidan mai. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, gas na manyan motoci daga 575 zuwa 720. A Fabrairun 2024 fetur ya sake hawa zuwa 840. A nan arewa kuma akwai bugu na biyu, domin Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man kwalba da ake sayarwa a bakin titi, wanda 'yan babur suka dogara da shi, ya yi tsada. Buhun shinkafa ko sukari da ya taso daga Duwala sai ya biya wannan kuɗin a kowane zango kafin ya iso babbar kasuwa.

Idan akwai wani miƙaƙƙen layi a kan lamba 3 a zanen, shi ne iyakar da ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, suka sa wa kansu kan hauhawar farashi, Kamaru da Cadi suna ciki. Jimla ɗaya ta ishe shi, ki wuce.

Tambaya: Ƙosai har yanzu dala biyar ne. Ke nan bai yi tsada ba?

Ya yi, a jikinsa. Mai suya ba za ta iya cewa dala shida ba, don canji zai yi mata wuya, yara kuma za su koma wajen maƙwabciyarta. Sai ta rage cokalin ƙullu. Haka mai sayar da man gyaɗa yake ƙanƙanta ludayi, kashin tumatir ya koma huɗu maimakon biyar. Kashin da ya ragu daga biyar zuwa huɗu a kan kuɗi ɗaya, kowane tumatir ya hau kashi 25 cikin ɗari, ko da yake kuɗin da kika miƙa bai canza ba.

Saboda haka idan kina son matan su riƙa auna nasu da kansu, su zaɓi kaya biyar da ba sa rabuwa da su, su riƙe tasa ɗaya da kwalba ɗaya na awo a gida, su rubuta farashi ranar Litinin ta farkon kowane wata. Idan shekara ta zagayo, su cire tsohon jimilla daga sabo, su raba da tsohon, su ninka da ɗari. Wannan lambar ce za ki sa a shafin ƙarshe na majiginki badi, kusa da ta INS.