Ruwan damina ya gurɓace: yadda ake daidaita alif da kulorin a ƙaramar tashar tace ruwa

Tambaya: Tun da aka yi ruwan sama, ruwan da muke ja ya koma ja kamar kunun laka. Na ƙara kulorin amma bai yi garau ba. Me ya sa?

Kulorin ba ya kwantar da laka, malam, ƙwayoyin cuta yake kashewa. Dattin ma shi ke cinye maganin, ƙwayoyin kuma su laɓe a cikinsa. Aikin laka na alif ne: yana haɗa ƙananan ƙwayoyinta su dunƙule, su yi nauyi, su zauna a kwandon kwantarwa. Abin da ya tsira yashin matata ya kama shi, sannan a zo kan kulorin. Tashar da ke jan ruwan tabki ko na Gulbin Maradi takan ga wannan daga Yuli zuwa Satumba, kuma adadin alif na jiya ba lallai ya yi yau ba. Kafin a sa kulorin, ya kamata ma'aunin gurɓata ya nuna ƙasa da 5 NTU, wato awon dattin ruwa. Ƙasa da 1 ya fi.

Tambaya: Alif nawa zan sa?

Ruwan ranar ne zai faɗa maka. Narkar da giram 10 na alif a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Kowane mililita 1 na wannan haɗi, in ka zuba a lita 1, ya zama miligiram 10 a lita. Jera kwalabe biyar masu faɗin baki, kowace da lita 1 ta ɗanyen ruwa, ka sa musu mililita 2, 3, 4, 5 da 6. Dama da ƙarfi minti 1, sannan a hankali minti 15, ka bar su rabin awa kada a taɓa. Wadda za ka zaɓa ita ce mai mafi ƙarancin alif a cikin waɗanda samansu ya washe.

A ce kwalbar mililita 4 ce ta yi, wato miligiram 40 a lita. Injinka yana tura lita 10,000 a awa, saboda haka kana bukatar giram 400 na alif kowace awa. Idan a durom kana narkar da kilo 5 cikin lita 100, kowace lita tana ɗauke da giram 50, sai ka saita ɗigon ya ba da lita 8 a awa. Kada ka amince da lambar da ke jikin famfon magani. Tara ɗigon a kofin awo na minti 1, ya kamata ka samu kimanin mililita 133.

Yawan alif kuma ba gwaninta ba ce. Yana sa ruwa ya yi tsami, dunƙulen su ƙi haɗuwa, ruwan ya fito fari-fari kamar an ɗiga masa madara. Masu aiki da yawa in sun ga haka sai su ƙara, abin ya daɗa lalacewa. Auna pH tukuna, wato ma'aunin tsamin ruwa: alif ya fi aiki tsakanin 6 da 7.5. In ya faɗi ƙasa da haka, rage alif ko ka gyara da ruwan farar ƙasa.

Tambaya: Matatar tana toshewa kafin azahar, alhali da takan kwana.

Leƙa kwandon kwantarwa. In dunƙulen laka suna tsallake bakinsa, ko dai lakar ƙasa ta taru ba a zubar ba, ko ruwan yana wucewa da sauri. Buɗe bawul ɗin ƙasa ka zubar da lakar, ka rage injin. Sai ka wanke matatar da ruwan da ake turowa daga ƙasa har ya fito da haske, kuma ruwan farko bayan wanki a zubar da shi, kada ya shiga tanki.

Tambaya: Yaya zan san kulorin ya isa?

Wari ba ma'auni ba ne. Giram 15 na garin kulorin mai ƙarfin 65 zuwa 70 cikin 100, a lita 1, yana ba da haɗi mai giram 10 na kulorin. Bar farin gari ya kwanta ka tsiyaye na sama, don garin ne ke toshe siririn tiyo. In ruwan yana bukatar miligiram 2 a lita, lita 10,000 a awa za ta ci lita 2 na haɗin. Bayan ruwa ya zauna minti 30 a tanki, gwada da ƙwayar gwajin kulorin ta DPD 1: launin ruwan hoda ya kai na miligiram 0.5 a lita, pH kuma ƙasa da 8. A famfo mafi nisa kada ya gaza 0.2.

Zafin Afrilu da Mayu yana rage wa kulorin ƙarfi, don haka a haɗa na yini ɗaya ko biyu kawai, a robar da ke rufe cikin inuwa. A zuba gari cikin ruwa da safar hannu da abin rufe hanci. Durom ɗin alif da na kulorin kowane da muciyarsa, domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai shaƙe mutum.